Bidiyo Ɗaya, Mabuɗi Uku: Yadda Ake Gane Wanda Ya Ci Gwaji

Wanda duk ya zauna da masu sayar da kaya ta waya a Kaduna ya saba jin irin wannan magana: "Yaya, duba nan. Bidiyo ɗaya ne, farkonsa kawai na sauya. Wannan ya samu kallo dubu goma sha biyu, wancan ko dubu biyu bai kai ba." Daga nan an yanke hukunci, an gano sirri, duk bidiyon da za a yi nan gaba da irin wannan farkon za a buɗe shi. Idan aka yi uku ko huɗu ba su tashi ba, sai a ɗora wa TikTok laifi, a ce an danne shafin.

Tunanin gwada farkon bidiyo iri-iri tunani ne mai kyau. Daƙiƙu biyu ko ukun farko, waɗanda masu harkar ke kira huk, wato ƙugiya, ni kuma zan kira su mabuɗi, su ne ke sa ɗan yatsa ya tsaya ko ya share ya wuce. Inda ake kuskure shi ne wajen alƙalanci. Yawan kallo shi ne shaida mafi rauni da za a kafa hujja da ita, amma shi ne kowa ke fara dubawa, don shi aka rubuta ɓaro-ɓaro a ƙasan bidiyon.

Dalilin rauninsa a fili yake. A TikTok, da zarar bidiyo ya fara motsi a allon mutum an ƙirga kallo ɗaya, ko da bai yi daƙiƙa guda a kai ba. YouTube ma tun 31 ga Maris 2025 haka yake ƙirga kallon Shorts, wato gajerun bidiyoyinsa, ya mayar da tsohon ma'aunin ƙarƙashin sunan Engaged views. Saboda haka kallo dubu goma sha biyu yana nufin manhajar ta miƙa bidiyon sau dubu goma sha biyu. Bai faɗa maka mutum nawa suka tsaya ba, balle nawa suka nemi kayan. Gaskiya ne manhajar kan ƙara yaɗa abin da ta ga ana tsayawa a kai, amma wannan yaɗawar ta dogara ƙwarai da 'yan ɗaruruwan da aka fara nuna wa, kuma su waɗannan sa'a ce ke haɗa ka da su.

Bari mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. Alƙaluman da za su zo na misali ne, na tsara su don a ga yadda lissafin ke tafiya. Mu ƙaddara wani matashi mai sayar da takalman gwanjo a Kasuwar Barci, nan Tudun Wada. Ya ɗauki bidiyo na daƙiƙa 30. Daƙiƙu 27 na ciki su ne gangar jikin bidiyon: yana ɗaga takalma ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin lambar ƙafa, a ƙarshe ya ce a yi masa magana ta WhatsApp, ana kaiwa ko'ina a cikin gari. Sai ya ɗauki mabuɗi uku, kowanne daƙiƙa uku. A na farko fuskarsa ce, yana cewa, "Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau ma mun zo muku da sababbin kaya." A na biyu babu fuska, hannu ne riƙe da takalmi guda kusa da kyamara, an rubuta farashinsa da manyan haruffa, murya na cewa, "Wannan dubu takwas ne, lamba arba'in da biyu." A na uku hannun ya kifa takalmin ana ganin ƙasansa, murya na cewa, "Kada ka sake sayen takalmin gwanjo sai ka duba nan."

Ya yi daidai da ya sa mabuɗan suka yi nesa da juna. A zagayen farko ba kalma ɗaya ake sauyawa ba. Mabuɗi abu uku ne a haɗe, hoton da ido ya fara gani, rubutun da ke kan allo, da abin da baki ya faɗa, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da yawan masu kallon da zai gano bambancin "duba nan" da "kalli nan". Abin da yake son sani tukuna shi ne wace ƙofa ce ta fi: gaisuwa, farashi, ko gargaɗi. Sai an san wannan ake komawa gyaran kalmomi. Abin da ba a taɓawa shi ne sauran komai. Gangar jiki ɗaya, tsawo ɗaya, sauti ɗaya, bayanin ƙasa ɗaya. A CapCut, manhajar haɗa bidiyo, aikin minti biyar ne: a kwafi aikin sau uku, a sauya guntun farko kawai. Idan mabuɗi ɗaya ya yi daƙiƙa uku, wani ya yi bakwai, to ba mabuɗi kaɗai ake gwadawa ba, an sa tsawon bidiyo a ciki.

Sai maganar yadda za a fitar da su, kuma nan ne yawancin gwaji ke lalacewa tun kafin a fara ƙirga komai. Hanyar da kowa ke bi ita ce ya ɗora na farko ranar Litinin, na biyu Laraba, na uku Juma'a. To amma Litinin da dare ba Juma'a da rana ba ce, lokacin da rabin gari ke hanyar masallaci. Ƙarshen wata da albashi ya shigo daban yake da tsakiyar wata, ga mai kallo da ga mai saye. Daren da ake buga babban wasan ƙwallo, samarin da ke sayen irin wannan takalmin suna gidan kallo. Ranar da aka wuni babu wuta a unguwanni, wayoyi da yawa na wurin caji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya jefa bidiyo sama ko ƙasa fiye da yadda mabuɗi zai yi. Akwai kuma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: mabiyanka sun riga sun ga takalman ranar Litinin. Ran Laraba suna ganin takalmin nan dai, sai su wuce, ba don mabuɗin ya gaza ba, sai don sun san abin da ke gaba. Na farkon fita kullum yana da wannan fifikon a kan 'yan'uwansa.

Instagram ta rage wannan matsalar da abin da ta fito da shi a Disamba 2024, Trial reels, inda ake nuna bidiyon ga waɗanda ba sa bin shafinka tukuna, bayan kamar awa 24 ka duba sakamako, in ka ga dama ka sake shi ga mabiya. Wanda shafinsa ke da wannan damar ya yi amfani da ita, ya ɗora ukun a rana ɗaya, kusan lokaci ɗaya. Sai dai ko a nan manhajar ce ke zaɓar wanda za ta nuna wa kowanne, ba rabo aka yi na adalci ba. Wanda TikTok kawai yake da shi, ba kuɗin talla, abin da ya rage masa shi ne maimaici. Ya yi gwajin a kan bidiyoyi daban-daban sau huɗu ko biyar, yana juya jerin fitowa, wannan makon farashi ne farko, mako mai zuwa gargaɗi ne farko, duk a sa'a ɗaya ta yini. Idan irin mabuɗi ɗaya ya ci huɗu cikin biyar, an fara samun abin kamawa. Gwaji ɗaya tilo ta wannan hanyar ba ya tabbatar da komai.

Hanya mafi tsafta ita ce ta tallar kuɗi, kuma ko da kuɗin kaɗan ne ta fi. Amma a nan ma akwai rami. Idan ka zuba bidiyoyin uku cikin Ad set ɗaya, wato rukunin talla ɗaya mai kuɗi ɗaya, a Ads Manager, wurin shirya talla na Meta mai Facebook da Instagram, tsarin ba zai raba kuɗin daidai ba. Cikin 'yan awanni zai karkata ga wanda ya fara nuna alama, ya zuba masa mafi yawan kuɗin, sauran biyun su tashi da 'yan ɗaruruwan nuni. Sai ka ce tsarin ya zaɓa maka gwani, alhali bai ba sauran damar magana ba. Abin da ake amfani da shi shi ne A/B test, wanda ke raba jama'ar gida-gida ta yadda wanda ya ga ɗaya ba zai ga ɗayan ba, kowane gida da kasonsa na kuɗi. Meta da kanta tana ba da shawarar a bar gwaji ya yi aƙalla kwana bakwai, kuma hikimar a bayyane take, don mako cikakke ya haɗa Juma'a da Lahadi da ranakun aiki duka.

To mai takalminmu ya yi haka. Ya taƙaita tallar ga garin Kaduna da kewaye, tun da kayansa ba sa wuce inda ɗan aike zai kai, ya raba kuɗi daidai, ya jira kwana bakwai bai taɓa komai ba. Ginshiƙai huɗu kawai zai duba a allon: Impressions, wato sau nawa aka nuna, 3-second video plays, waɗanda suka kai daƙiƙa uku, ThruPlays, waɗanda suka kai daƙiƙa 15 ko suka gama bidiyon, da Messaging conversations started, waɗanda suka fara yi masa magana.

An nuna mabuɗin gaisuwa sau 6,100, mutum 1,220 suka kai daƙiƙa uku, wato kashi 20 cikin ɗari. Na farashi an nuna shi sau 5,900, ya tsayar da 1,650, kashi 28. Na gargaɗi an nuna shi sau 6,000, ya tsayar da 2,340, kashi 39. Wannan shi ne ma'aunin tsayarwa, kuma lissafinsa raba na biyu da na farko ne kawai. Da a nan aka tsaya, gargaɗi ya lashe gasar babu jayayya, ya kusa ninka gaisuwa.

Kafin a amince da kowane bambanci, sai a tambaya ko ya fi ƙarfin sa'a. Idan ka jefa kwabo sau ɗari ba lalle ka samu hamsin-hamsin ba, haka nan bidiyo biyu iri ɗaya sak ba za su ba da kaso ɗaya sak ba. Akwai ɗan ma'auni mai sauƙi da za a yi da kalkuletar waya: a raba 140 da tushen murabba'in yawan nunin kowane bidiyo, wato abin da alamar √ ke bayarwa, abin da ya fito shi ne makin da tazara za ta wuce kafin a ɗauke ta da muhimmanci.

```
140 ÷ √6000 ≈ 1.8
140 ÷ √400 = 7
```

A nuni 6,000, tazarar da ta haura maki biyu abin dubawa ce, don haka 39 da 28 bambanci ne na gaske. A nuni 400 kuwa, sai tazarar ta haura maki bakwai. Wanda ya ga kashi 31 da kashi 27 a kan mutum ɗari huɗu-huɗu ya ce ya gano zakara, iska ya kama. Kuma wannan ma'aunin mafi ƙarancin sharaɗi ne, domin nuni 6,000 ba mutum 6,000 ba ne, wasu sun gani sau biyu ko uku.

Yanzu ginshiƙi na uku, inda labarin ke juyawa. Cikin 2,340 da gargaɗi ya tsayar, 700 ne suka kai daƙiƙa 15, kashi 30. Cikin 1,650 na farashi, 910 suka kai, kashi 55. Gaisuwa ta riƙe 490 cikin 1,220, kashi 40. A lura da kyau: mabuɗin da ya tara jama'a mafi yawa a bakin ƙofa, shi ne ya fi zubar da su, har ta kai a tsakiyar bidiyo na farashi ya fi shi yawan mutane, 910 da 700, duk da ya fara da ƙasa da shi.

Me ya faru? Gargaɗin ya yi alkawari, gangar jikin ba ta cika ba. An ce wa mutum kada ya sayi takalmi sai ya duba nan, ya tsaya yana jiran a koya masa yadda ake gane takalmin da aka liƙe ƙasansa da gam ko wanda dunduniyarsa ta cinye, sai ya ga ana jera masa kaya ana faɗin lamba. Ya ji an yaudare shi, ya wuce. Ana ganin wannan da ido a zanen riƙon masu kallo da TikTok da Instagram da YouTube ke nunawa a sashen alƙaluman kowane bidiyo. Layin kowane bidiyo yana faɗuwa a farko, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin dubawa shi ne faɗuwa ta biyu. Idan layin ya sake gangarowa kamar an tura shi daga gini daidai wurin da mabuɗi ya haɗu da gangar jiki, daƙiƙa ta huɗu ko ta biyar, to ɗinkin ne ya ɓaci, abin da aka yi alkawari da abin da aka kawo ba su dace ba. Idan kuwa layin ya sauka a hankali kamar gangaren hanya, mabuɗin ya kawo mutanen da bidiyon ya dace da su.

Mabuɗin farashi ya yi wani aiki da ba a ganinsa a ma'aunin tsayarwa: ya tace. Wanda ba ya neman takalmi ya wuce tun a daƙiƙar farko, wanda dubu takwas ta yi masa yawa shi ma ya wuce. Waɗanda suka rage masu niyya ne. Ƙarancin tsayarwarsa ba gazawa ba ce, wani ɓangare ne na aikinsa.

Ginshiƙi na ƙarshe ya tabbatar da haka. Gaisuwa ta kawo saƙo 11, gargaɗi 14, farashi 31. Su ma waɗannan sai an auna su da sa'a, kuma tun da ƙananan lambobi ne ma'auninsu daban: a haɗa biyun da ake kwatantawa, a ɗauki tushen murabba'in jimlar, a ninka sau biyu. Na 31 da 14 jimlarsu 45, tushenta kusan 6.7, ninki biyu 13.4. Tazararsu 17 ce, ta wuce, don haka farashi ya fi gargaɗi da gaske. Na 14 da 11 jimlarsu 25, tushenta 5, ninki biyu 10, tazararsu kuwa 3 kacal. Wato a wajen kawo ciniki ba za a iya cewa gargaɗi ya fi gaisuwa ba, duk da ya kusa ninka ta a tsayarwa. Wannan shi ne abin da nake so duk mai wannan harka ya zauna ya yi tunani a kai, domin kuɗin mutane da yawa a nan yake zurarewa, suna biyan talla don tara 'yan kallo.

Wannan ba ya nufin ma'aunin tsayarwa ba shi da amfani. Wanda zai ci gwaji ya danganta da abin da aka fito nema, kuma dole a rubuta wannan a takarda kafin a ɗora bidiyon farko. Mai sayar da kaya saƙo yake nema. Mai shirin barkwanci ko mai karantarwa, wanda ribarsa ita ce a kalla har ƙarshe a tura wa wasu, ma'auninsa yawan waɗanda suka gama da waɗanda suka tura. Idan ba a tsayar da ma'auni tun farko ba, bayan sakamako ya fito zuciya za ta zaɓi ginshiƙin da mabuɗin da ta fi so ya yi kyau a ciki. Kowa yana da mabuɗin da ya fi ƙauna, yawanci wanda ya fi shan wahalar ɗauka.

Ko saƙon ma ba shi ne ƙarshen hanya ba. Duk mai sayarwa ya san masu "nawa ne?" da ke ɓacewa bayan an ba su amsa. Allon talla ba ya ganin wanda ya turo kuɗi ta banki ko ya zo rumfa da ƙafarsa. Maganin wannan littafi ne da biro. A sa wa kowace talla saƙon farko daban, irin wanda ke fitowa a rubuce idan mutum ya danna maɓallin WhatsApp, misali ɗaya ya ce "Ina son takalmin dubu takwas", ɗayan ya ce "Na ga bidiyon takalma". Da haka za a san ƙofar da kowane mai saye ya shigo ta ciki, a rubuta wanda ya saya. Mai yiwuwa ne cikin 31 na farashi a samu da yawa da takalmin nan guda kawai suke so, wanda an riga an sayar, tun da gwanjo ba ya zuwa biyu iri ɗaya. Idan haka ta faru, gyaran shi ne mabuɗin ya ce "daga dubu takwas", ya nuna takalma uku a jere maimakon ɗaya.

Maganar gaisuwa tana buƙatar a tsaya a kanta kaɗan, don na san tana damun mutane. Sallama tarbiyyarmu ce, kuma da yawa ba sa jin daɗin buɗe baki ga jama'a ba tare da ita ba. Ni ban ga dalilin da zai sa a yar da ita ba. Abin da ya kayar da mabuɗin farko a misalinmu ba sallamar ba ce, daƙiƙa uku ne cur da ido bai ga takalmi ba, kunne bai ji dalilin tsayawa ba. Ana iya yin sallama a taƙaice alhali takalmin na cike da allo, farashin na rubuce a kai. Mutane da yawa ma sauti a kashe suke kallo, a cikin Keke Napep ko a wurin aiki, rubutun ne ke yi musu magana. Wannan kansa abin gwadawa ne a zagaye na biyu: mabuɗin farashi da sallama a kai, da mabuɗin farashi ba ita. A nan ne sauya abu ɗaya tak ke da ma'ana, kuma tun da bambancin zai yi ƙanƙanta, zai buƙaci nuni mai yawa kafin a gan shi. Idan an yi nuni dubu shida-shida ba a ga tazarar da ta wuce maki biyu ba, mutum ya riƙe sallamarsa da kwanciyar hankali.

Shi kuma mabuɗin gargaɗi ba a jefar da shi. Ya nuna cewa mutanen Kaduna da aka nuna wa suna son sanin yadda ake duba takalmin gwanjo, kashi 39 ba wasa ba ne. Abin da yake buƙata gangar jikin da ta dace da shi: daƙiƙa goma na farko a nuna yadda ake lanƙwasa takalmi a ga ko ƙasansa zai buɗe baki, a duba ɗinkin gefe, a duba cin dunduniya, sannan a ce ga waɗanda muka riga muka duba muku. Amma wannan sabon bidiyo ne, don haka ba za a ɗauki alƙalumansa a jera da na makon jiya ba. Sai a sake haɗa shi da mabuɗin farashi a sabon gwaji, mako ɗaya, kuɗi ɗaya, jama'a a rabe.

Sakamakon da aka samu kuma na wannan kayan ne, a wannan manhajar, a wannan lokacin. Farashi ya ci a takalmin dubu takwas domin farashin kansa abin jan hankali ne. A leshi mai tsada, buɗewa da farashi na iya korar wadda da ta ga kyan kayan tukuna da ta tsaya. Wanda ya ci a Facebook, inda masu kallo suka fi manyanta, ba lalle ya ci a TikTok ba. Mabuɗi kuma yana tsufa, musamman a tallar da aka taƙaita ga gari ɗaya, inda mutane ɗaya ake ta nuna wa. Alamar tana ginshiƙin Frequency, matsakaicin sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar. Idan wannan lambar na hawa mako bayan mako, kason masu kai daƙiƙa uku kuma na sauka daga 28 zuwa 24 zuwa 21, mutanen sun haddace farkon bidiyon, lokacin ɗaukar sababbin mabuɗai uku ya yi, a sa tsohon zakaran a cikinsu a matsayin na huɗu don a san ko sababbin sun fi shi.